Inda Fankshin Ya Karye, Nan Ake Yanka Tazarar Intigireshan

Akwai wata tambaya da nake yawan ba ɗaliban da nake yi wa darasin yamma a Tudun Wada, waɗanda suka haɗa da masu shirin jarrabawar kammala sakandare da kuma 'yan shekarar farko a jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha. Tambayar gajeriya ce:

∫₀⁴ |x² − 4x + 3| dx

Amsar da aka fi kawo mini ita ce 4/3, alhali amsar gaskiya 4 ce. Abin da ke damuna shi ne, waɗanda suka kawo 4/3 ba raggaye ba ne. Sun iya intigireshan ɗin x² sarai, ba su yi kuskure a tarawa ko ragewa ba, kuma idan ka bi layukansu ɗaya bayan ɗaya ba za ka ga inda alƙalami ya zame ba. Sun ɗauki wata doka ce mai sharaɗi suka yi aiki da ita a inda sharaɗin bai cika ba. Wannan sharaɗin nake so mu zauna a kansa, domin duk kurakuran da ake yi a wannan babi daga gare shi suke fitowa.

Dokar kowa ya haddace ta. Idan kana son intigireshan ɗin f(x) daga a zuwa b, sai ka nemo wani F(x) wanda idan ka yi masa difarenshiyeshan zai ba ka f(x), sannan ka lissafa F(b) − F(a). Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, dole F ɗin ya zama abu ɗaya ne mai ɗorewa, ba tsalle ba yankewa, tun daga a har b, kuma gangararsa ta dace da f a duk tsawon hanyar. Dokar tana duba bakin farko da bakin ƙarshe ne kawai, ta amince cewa abin da ke tsakani ya tafi daidai. Idan f ya sauya fomula a tsakiya, F ɗin da ka samo daga fomula ɗaya ya daina aiki daga wannan wuri, amma dokar ba za ta yi maka gargaɗi ba. Za ta ba ka lamba mai kyan gani, ka ja mata layi biyu a ƙasa.

To, sandunan nan biyu na modulos, fomula biyu ce aka naɗe cikin alama ɗaya. Idan abin da ke ciki yana sama da sifili, sandunan ba sa taɓa shi. Idan yana ƙasa da sifili, sai su juya masa alama. Saboda haka |x² − 4x + 3| wani lokaci x² − 4x + 3 ne, wani lokaci kuma −(x² − 4x + 3) ne, kuma aikin farko shi ne gano inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma. Waɗannan wurare su nake kira gaɓoɓi. A gaɓa ake yanka tazarar, a yi wa kowane yanki lissafinsa da fomular da ta dace da shi, sannan a tara. Abin da ya halatta yankan shi ne intigireshan daga a zuwa b daidai yake da na a zuwa c haɗe da na c zuwa b, a ko'ina ka sa c a tsakaninsu.

Bari mu yi tambayar a tsanake. Abin da ke cikin sandunan ba zai tashi daga sama da sifili ya koma ƙasa ba sai ya ratsa ta kan sifilin, tunda ba ya tsalle. Don haka sai mu ajiye sandunan gefe mu warware x² − 4x + 3 = 0. Wannan yana rabuwa zuwa (x − 1)(x − 3) = 0, wato x = 1 ko x = 3. Duka biyun suna tsakanin 0 da 4, saboda haka tazararmu ta kasu uku: daga 0 zuwa 1, daga 1 zuwa 3, daga 3 zuwa 4.

Mataki na gaba shi ne wanda masu sauri suke tsallakewa. A kowane yanki ka ɗauki lamba ɗaya daga ciki, ba daga baki ba, ka saka ta ka ga alamar da za ta fito. A yankin farko x = 0.5 yana ba da 1.25, sama da sifili. A na tsakiya x = 2 yana ba da 4 − 8 + 3 = −1, ƙasa da sifili. A na ƙarshe x = 3.5 yana ba da 1.25 kuma. Lamba ɗaya ta wadatar a kowane yanki, domin da alamar ta sauya a cikinsa, da an sami wani sifilin a wurin, mu kuwa mun riga mun tattara su duka. Ke nan yankin tsakiya kaɗai za a juya wa alama.

Yanzu sai intigireshan ɗin kansa. Mu kira G(x) = x³/3 − 2x² + 3x. Ina ba ɗalibai shawara su lissafa G a kowace gaɓa sau ɗaya, su jera a gefen takarda, maimakon su riƙa maimaita lissafin a cikin kowane yanki:

G(0) = 0
G(1) = 1/3 − 2 + 3 = 4/3
G(3) = 9 − 18 + 9 = 0
G(4) = 64/3 − 32 + 12 = 4/3

Yankin farko ya ba da G(1) − G(0) = 4/3. Na tsakiya, kafin juya alama, G(3) − G(1) = −4/3, da aka juya ya zama 4/3. Na ƙarshe G(4) − G(3) = 4/3. Jimla 4/3 sau uku, wato 4.

Daga wannan jeri ana ganin ainihin abin da ya sami mai amsar 4/3. Shi G(4) − G(0) ya yi kai tsaye. A cikin lissafinsa yankin tsakiya mai −4/3 ya cinye ɗaya daga cikin yankunan gefe, saura ɗaya ya rage masa. Da ya gama sai ya tuna da sandunan, ya ɗora su a kan amsar ƙarshe, ya ga 4/3 dama tana sama da sifili, hankalinsa ya kwanta. Amma sandunan a cikin alamar intigireshan suke. Aikinsu shi ne su juya kowane ɗan ɓangare da ke ƙasa da sifili tun kafin a tara shi. Bayan an tara an cinye, babu sandar da za ta dawo da abin da ya ɓace.

Direban bas da ya taso daga Kawo, ya bi titin Ali Akilu ya shiga Ahmadu Bello Way har Babbar Kasuwa, sannan ya juyo ya koma Kawo, ya fahimci wannan bambanci ko da bai taɓa ganin alamar ∫ ba. Idan ka tambayi nisansa da inda ya taso, sifili ne, domin dawowa ta soke tafiya. Idan ka tambayi tsawon hanyar da tayoyinsa suka ci, wadda ita ce ta sha masa mai, ninki biyu ne na nisan Kawo da kasuwa. A darasin fiziks haka abin yake zuwa: idan v(t) = t² − 4t + 3 gudun wani abu ne a mita cikin daƙiƙa, intigireshan ɗin v daga 0 zuwa 4 yana cewa a daƙiƙa ta 4 abin yana mita 4/3 gaba da inda ya fara, na |v| kuma yana cewa ya yi tafiyar mita 4, domin daga daƙiƙa ta 1 zuwa ta 3 da baya yake tafiya. Tambayoyi biyu ne daban, kowace da amsarta ta gaskiya. Haka nan idan aka ce ka nemo girman filin da ke tsakanin giraf da layin x, tambayar modulos ce ko da ba a rubuta sandunan ba.

Ta yaya mutum zai gane ya yi kuskure alhali yana zaune a ɗakin jarrabawa, babu mai tambaya? Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ƙiyasi da zane. Lissafa tsayin fankshin ɗin a lambobi masu sauƙi: a x = 0, 1, 2, 3, 4 tsayin |x² − 4x + 3| shi ne 3, 0, 1, 0, 3. Sa ɗigo biyar ɗin a takarda ka haɗa su da miƙaƙƙun layuka. Za ka ga alwatika uku: ta hagu mai gindi 1 da tsayi 3, girmanta 1.5, ta tsakiya mai gindi 2 da tsayi 1, girmanta 1, ta dama kuma 1.5. Jimla 4. Dacewar da ta yi daidai da amsar sa'a ce kawai, domin rarar da alwatikun gefe suka yi ta zo daidai da giɓin da ta tsakiya ta bari. A wata tambayar za ka sami lamba kusa da amsar ne, ba ita kanta ba. Amma ko da hakan, wanda ya ga ƙiyasinsa yana wajen 4 kuma amsarsa 1.33 ce, ya san akwai gyara, kuma zanen bai ɗauke shi minti ɗaya ba.

Akwai wata alamar da ta fi wannan sauƙi. Idan abin da ke cikin sanduna ya sauya alama a cikin tazarar, dole amsar mai sanduna ta fi girman amsar marar sanduna. Ba za su taɓa zama daidai ba. Saboda haka idan ka ga ka samo gaɓoɓi a cikin tazara, alama ta juya, amma amsarka ta zo daidai da G(b) − G(a), to ka yanka tazarar ne ka manta ba ka juya alamar ba. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato: ɗalibi ya rubuta intigireshan uku a jere, tsaf, amma duka da fomula ɗaya, sai yankan ya zama aikin banza, domin tara su yana mayar da shi inda ya fito.

Masu amfani da kalkuleta irin Casio fx-991ES PLUS suna iya saka tambayar gaba ɗaya, da maɓallin ∫ da kuma Abs, su ga ko lambar ta yi kusa da tasu. Wannan ya yi kyau don dubawa a gida, sai dai ba zai nuna maka gaɓoɓin ba, kuma mai duba takarda matakan yake bi.

Wani kuskuren kuma na masu ƙwazo ne. Sun koyi cewa ana yanka a inda abin ciki ya zama sifili, sai suka riƙa yanka a duk sifilin da suka samo, ko yana cikin tazara ko ba ya ciki. Ɗauki fankshin ɗin nan dai, amma daga 2 zuwa 5. Har yanzu lissafi zai ba ka x = 1 da x = 3, amma 1 tana wajen tazara, ba ruwanmu da ita. Yanki biyu ne kawai. G(2) = 8/3 − 8 + 6 = 2/3, G(5) = 125/3 − 50 + 15 = 20/3. Daga 2 zuwa 3 muna ƙasa da sifili, G(3) − G(2) = −2/3, a juya ya zama 2/3. Daga 3 zuwa 5 muna sama, 20/3. Jimla 22/3. Wanda ya cusa 1 a ciki zai tsinci kansa yana lissafin filin da ba a tambaye shi ba. Maganinsa shi ne ka ja layi a takarda, ka sa a da b a bakinsa, sannan ka jera gaɓoɓin a kai daga ƙarami zuwa babba. Duk wadda ta faɗo waje, ka soke ta nan take.

Haka kuma ba kowane sifili ne yake juya alama ba. A (x − 1)²(x − 3), fankshin ɗin yana taɓa sifili a x = 1 ya koma ƙasa inda ya fito, sai a x = 3 yake ratsawa sama. Yanka a 1 ba ya ɓata komai, ƙarin aiki ne kawai. Abin da ke ɓatawa shi ne ɗaukar cewa alamomi kullum bi da bi suke zuwa, sama, ƙasa, sama, har mutum ya daina gwada lamba. Shi ya sa nake nacewa a kan gwajin, ko da tambayar ta yi kama da wadda aka saba.

Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni a kan wannan, kuma tambayarta ta cancanci a kawo ta. Ta ce, “Malam, tunda a kowane yanki alamar ba ta sauyawa, me zai hana in yi intigireshan ɗin kowane yanki yadda yake, in ya fito da ragi in cire ragin, in tara? Ai ba sai na gwada lamba ba.” Na ce mata gaskiyarta, kuma abin da jerin G ɗinmu ya nuna ke nan: 4/3, −4/3, 4/3, a cire ragi a tara. Wannan gajeriyar hanya halal ce, amma da sharaɗi guda: sai idan sandunan sun rufe dukkan abin da ake yi wa intigireshan. Da zarar akwai wani abu a wajen sandunan, hanyar ta rushe. Duba wannan:

∫₀² (|x − 1| − 1) dx

Gaɓar tana x = 1. Daga 0 zuwa 1, |x − 1| shi ne 1 − x, saboda haka abin duka ya zama −x, intigireshan ɗinsa −1/2. Daga 1 zuwa 2, |x − 1| shi ne x − 1, abin duka ya zama x − 2, intigireshan ɗinsa (2 − 4) − (1/2 − 2) = −1/2. Jimla −1, kuma ita ce amsar gaskiya, da raginta, domin giraf ɗin yana ƙarƙashin layin x a duk tsakiyar tazarar. Mai bin gajeriyar hanya zai cire ragin ya kawo 1. Ganin sanduna a cikin tambaya ba ya nufin amsa ba za ta zo ƙasa da sifili ba. Abin da ke cikin sandunan kaɗai ake juyawa, na waje a bar shi yadda yake.

Modulos dai ɗan ƙaramin misali ne na fankshin mai kashi-kashi, wanda ake ba shi fomula daban a kowane yanki. A irin wannan an sauƙaƙa maka abu ɗaya, domin gaɓoɓin a rubuce suke cikin tambayar. Amma akwai sabon abu: a modulos giraf yana lanƙwasa ne kawai a gaɓa, a nan kuwa yana iya yin tsalle. Bari in ƙirƙiro misali da abin da gidaje da yawa a Kaduna suka sani, wato tankin ruwa da ake cikawa daga rijiyar burtsatse. A ce tankin babu komai a ciki da farko. Famfo yana zuba lita 20 a minti ɗaya har tsawon minti 30. Sai aka ɗauke wuta, famfo ya tsaya, mutanen gida kuma suna ɗiban lita 4 a minti har tsawon minti 20. Sai aka tayar da janareta, aka daina ɗiba, aka riƙa buɗe bawul a hankali, ƙarfin zubar yana hawa daga sifili har ya kai lita 20 a minti cikin minti 10. Idan r(t) shi ne saurin ƙaruwar ruwa a lita cikin minti:

r(t) = 20, idan 0 ≤ t < 30
r(t) = −4, idan 30 ≤ t < 50
r(t) = 2(t − 50), idan 50 ≤ t ≤ 60

Ruwan da ke cikin tanki bayan awa ɗaya shi ne intigireshan ɗin r daga 0 zuwa 60. Yankin farko 20 × 30 = 600. Na biyu −4 × 20 = −80, kuma a nan ba a cire ragin, domin ruwan da gaske ya fita. Na uku, intigireshan ɗin 2(t − 50) shi ne (t − 50)², daga 50 zuwa 60 ya ba da 100. Jimla lita 620.

Ɗalibai kan tsaya a kan alamomin ≤ da <. A minti na 30 cif, r ɗin 20 ne ko −4? Idan malami ya sauya alamar, amsa za ta sauya? Ba za ta sauya ba. Ma'anar intigireshan da Bernhard Riemann ya tsara a 1854 ta ginu ne a kan yanka tazara zuwa siraran ɓangarori, a ninka tsayin kowane da faɗinsa, a tara, sannan a riƙa ƙara sirantar da su. Ɗigo ɗaya ba ya shafar fiye da ɓangare ɗaya ko biyu, kuma gudummawar waɗannan tana narkewa zuwa sifili yayin da faɗinsu yake raguwa. A tankinmu ma haka ne, a cikin lokacin da ba shi da tsawo babu ruwan da zai shiga ko ya fita. Shi ya sa a yankin farko muke saka 30 a fomular 20t ba tare da fargaba ba, duk da an rubuta t < 30.

Inda abin yake da daɗi, kuma inda ake faɗuwa sosai, shi ne idan aka ce ka rubuta V(t), wato yawan ruwan a kowane lokaci t. Hannu yakan yi sauri ya yi wa kowane layi intigireshan: 20t a yankin farko, −4t a na biyu, t² − 100t a na uku, a sa + C guda a ƙarshe. Kowane layi daidai yake idan ka yi masa difarenshiyeshan. Amma gwada dokar F(b) − F(a) da shi: a t = 60 layi na uku ya ba da 3600 − 6000 = −2400, a t = 0 layin farko ya ba da 0. Amsa ta fito −2400, tanki mai ruwa ƙasa da babu. Dalili shi ne wannan F ɗin yana tsalle a gaɓoɓi. A minti na 30 layin farko yana cewa 600, na biyu yana cewa −120. Ruwa ba ya ɓacewa haka a ƙiftawar ido. Saurin zuba yana iya tsalle lokacin da aka ɗauke wuta, amma abin da ya taru ba ya tsalle.

Gyaran shi ne kowane yanki ya sami nasa C, kuma a zaɓe shi yadda yankin zai soma daga inda na baya ya tsaya. Yankin farko V = 20t, ya ƙare a 600. Na biyu dole ya soma a 600, saboda haka V = 600 − 4(t − 30), ya ƙare a 520. Na uku ya soma a 520, V = 520 + (t − 50)², ya ƙare a 620. Yanzu V(60) − V(0) = 620, daidai da abin da yanka tazara ya ba mu. Ke nan yanka tazara da ɗinke waɗannan C ɗin aiki ɗaya ne ta fuska biyu. Idan ka yanka, kowane yanki yana rage nasa C da kansa, shi ya sa ba ka ganin matsalar. Idan ka ƙi yankawa, dole ka ɗinke. Giraf ɗin V yana da kusurwa a minti na 30 da na 50, inda ba shi da gangara guda, amma ba shi da giɓi, kuma hakan ya wadatar wa dokar matuƙar irin waɗannan kusurwoyi ƙididdigaggu ne.

Wani lokaci ɗinkin yakan ba da fomula guda mai kyau. Ga |x|, yankin dama yana ba da x²/2, na hagu −x²/2, kuma dukansu sifili ne a x = 0, saboda haka sun haɗu da kansu. Ana iya rubuta su tare a matsayin x|x|/2. Daga −2 zuwa 3 wannan ya ba da 9/2 − (−2) = 13/2, daidai da alwatika biyu masu girman 2 da 4.5.

Gaɓoɓin da suka fi cutarwa su ne waɗanda ba a ganin sandunansu. Sikwaya rut ɗin x² ba x ba ne, |x| ne, domin alamar √ ba ta ba da amsa ƙasa da sifili. Duba ∫₀^π √(1 − sin²x) dx. Ɗalibi ya tuna cewa 1 − sin²x = cos²x, ya yi murna, ya rubuta cos x, ya sami sin π − sin 0 = 0. Amma abin da ake yi wa intigireshan yana sama da sifili a ko'ina in ban da ɗigo ɗaya, to ta yaya filinsa zai zama babu? Abin da ya kamata ya rubuta shi ne |cos x|, mai gaɓa a π/2. Daga 0 zuwa π/2 ana samun 1, daga π/2 zuwa π ana samun −1 a juya shi ya zama 1, jimla 2. Duk lokacin da ka cire sikwaya daga ƙarƙashin √, ka sa sandunan tukuna, sannan ka duba ko tazarar ta ba ka damar cire su.

Sai kuma iyakar hanyar kanta. Duk abin da muka faɗa ya dogara ne a kan cewa fankshin ɗin yana da iyakar tsayi a kowane yanki, tsallensa tsalle ne daga lamba zuwa lamba. Akwai gaɓar da ba haka take ba. A 1/x² daga −1 zuwa 1, wanda ya yi amfani da F(x) = −1/x kai tsaye zai sami −1 − 1 = −2, amsa mai ragi ga fankshin da bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba. Matsalar tana x = 0, inda F ya yanke, 1/x² kuma yake hawa ba iyaka. Yanka a 0 wajibi ne, amma a nan ba za ka iya saka 0 a fomula ba kamar yadda muka saka 30 a ta tanki. Sai dai ka tsaya kusa da ita ka ga abin da ke faruwa. Daga 0.1 zuwa 1 filin 9 ne. Daga 0.01 zuwa 1 ya zama 99. Daga 0.001 ya zama 999, kuma haka zai yi ta hawa duk lokacin da ka ƙara matsawa. Yankin dama ba shi da amsa mai iyaka, na hagu ma haka, don haka intigireshan ɗin gaba ɗaya ba shi da lambar da za a rubuta masa. Saboda irin wannan, lokacin da kake jera gaɓoɓi a kan layinka, bayan sifilin abin da ke cikin sanduna da wuraren da fomula ta sauya, ka duba har da inda lambar ƙasa ta kaso take zama sifili, kuma a kowace irin wannan gaɓa ka gwada lambobi biyu ko uku da ke matsowa kusa da ita kafin ka saka komai a F.